Gyaran Gida Kafin Damina: Yadda Za a Tare wa Sauro da Ɓera Hanya a Bracodi da Treichville

Da yawa daga cikinmu a Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi aka haife mu, inda damina kan kankama a watan Yuni, ta yi tsakiya a Agusta. Wanda ya riƙe wannan lissafi a Abidjan zai makara. A nan babbar damina tana somawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Mayu da Yuni, ta lafa a Yuli, sannan ƙaramar damina ta biyo baya a Oktoba da Nuwamba. Ruwan da ke sauka a watan Yuni kaɗai yakan kusanci wanda Maraɗi ke samu a shekara guda. Saboda haka watan Maris ne lokacin gyaran gida, tun kwano yana bushe, kwata ba ta cika ba.

Akwai dalilin gaggawa da ya fi na yoyon ɗaki. Sauron nan baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, shi ne ke yaɗa zazzaɓin denge da zazzaɓin shawara. Macensa ba ta zuba ƙwai a kan ruwa, a jikin mazubi take manna shi, ɗan sama da inda ruwan ya tsaya, kuma ƙwan yana iya zama a bushe watanni bai mutu ba. Ke nan tsohuwar tayar da ke kan rufinku, da duron da aka jingine tun Disamba, suna iya ɗauke da ƙwan bara, ruwan farko kawai suke jira. Da ruwa ya rufe ƙwan sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai fiffike. Abidjan ta ga ɓarkewar denge a 2017, musamman a yankin Cocody da Bingerville, ta kuma sake gani a 2019. Wannan sauro ba mai nisan tafiya ba ne. Galibi wanda ya ciji yaro a tsakar gida, a gidan aka ƙyanƙyashe shi ko a maƙwabta.

Hanyar duba gida mafi sauƙi ita ce a bi sawun ruwa: daga kan kwano zuwa indararo, daga indararo zuwa duro, daga nan tsakar gida da kwata. A kowane wuri tambaya biyu za a yi. Shin ruwa zai iya kwana bakwai a nan? Shin ɓera ko sauro zai iya shiga ta nan?

Kan rufi

A hau da sassafe kafin kwano ya ɗauki zafi, mutum ɗaya a sama, ɗaya riƙe da tsani, a kuma lura da wayoyin lantarki. A taka kan layin ƙusa, domin nan ne katako yake a ƙasa. Rufin tsofaffin gidaje mai kama da siminti, kada a taka shi, kada a yanka ko a fasa, don yana karyewa ba zato, kuma irin na dā yana da ƙurar da ke cutar da huhu.

Abin da za a fara saukewa shi ne tayoyin da ake danne kwano da su don iska. Babu mazubin da sauron rana yake so kamar taya: ciki duhu, ruwa ba ya ƙafewa, kuma duk yadda aka juya ta sai ta riƙe wani abu. A kafa kwanon da ƙusa mai hula a huta. In ba yadda za a yi sai an danne, a sa bulo marar rami, ko a huda tayar manyan huji huɗu ko biyar ta gefen da ke ƙasa. Gwangwani, fasasshen bokiti da tsohon kwanon abinci duk a sauke su. Reshen mangwaro ko wata bishiya da ya taɓa rufi a datse shi ya ja baya kamar mita ɗaya, saboda ɓeran rufi gwanin hawa ne, ta reshe da waya yake zuwa.

Daga cikin ɗaki kuma, a ɗaga kai a dubi inda bango ya haɗu da kwano. Wannan giɓi shi ne babbar ƙofar sauron dare mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Zafin jiki da numfashin masu barci sama suke tashi su fita ta nan, shi kuma ya biyo warin ya shigo. An jarraba wannan a Kodebuwa kanta: tsakanin 2016 da 2019, a ƙauyuka 40 na yankin Bouaké, an rufe giɓin rufi da tagogi a rabin ƙauyukan, aka kuma dasa bututu masu raga mai maganin sauro a saman bango. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna zazzaɓin cizon sauro a jikin yara ya ragu da kashi 38 cikin ɗari. Ku lura, a duk ƙauyukan an raba gidan sauro, don haka toshe ɗaki ƙari ne a kan gidan sauro, ba madadinsa ba.

Amma ban shawarci kowa ya liƙe giɓin duka da siminti ba. A zafin Abidjan ɗakin da ba ya shan iska yakan kori masu shi su kwana a waje, inda sauro ya fi yawa. A cike wani ɓangare da siminti, a bar wani a rufe da raga. Ɗakin da aka toshe kuwa, kada a taɓa kwana a cikinsa da garwashin gawayi, ko da ana ruwa.

Indararo da duro

A nan ne aka fi yin sakaci, domin ba wanda ke ganin cikin indararo daga ƙasa. Bari mu ɗauki misalin gidan haya irin wanda aka saba gani a Bracodi: jerin ɗakuna masu fuskantar tsakar gida ɗaya, rufin tsawon mita 12, faɗin mita 5, ruwansa duka yana gangarowa cikin doguwar indararon kwano guda da ke bin bakin rufin.

Faɗin rufin ya zama murabba'in mita 60. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. To, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a Yuni, lita 3,000 za ta bi ta wannan indararo, wato cikin duro 15 masu cin lita 200. Duro biyu ko uku ne a gidan. Sauran ruwan dole ya sami hanyar fita, in bai samu ba sai ya kwanta a gindin bango, ya jiƙa siminti, ya buɗe wa gara da kyankyaso hanya.

Indararo tana bukatar gangare na kimanin santimita ɗaya a kowace mita biyu. Tamu mai mita 12 sai bakin da ruwa ke fita ya fi ɗaya bakin ƙasa da santimita 6, kusan faɗin yatsu uku. Matsalar ita ce ƙarafan da ke tallafe ta sukan saki, tsakiya ya lotsa. Lotsawar santimita ɗaya tak, a tsawon mita biyu na indararo mai faɗin santimita 10, tana riƙe kusan lita ɗaya ta ruwa. In ganye da ƙura suka haɗu da shi, an sami abinci da inuwa. Macen sauro ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan ɗari a lokaci guda, don haka wannan lita ɗaya ta isa ta hana gidan duka barci.

Gwajin ba ya cin ko dala. A kwashe ganye da laka da hannu mai safar roba, a goge ciki da burushi mai ƙarfi don kankare ƙwai, sannan a zuba cikakken bokiti a bakin da ke sama. Bayan minti goma a hau a duba. Duk inda aka ga ruwa yana ƙyalli, a sa alama da alli, kafinta ya ɗaga wurin ya ƙara matallafi, kada tazarar matallafi biyu ta wuce mita ɗaya. A sake zuba ruwa har sai ya tafi ƙaf. Idan indararon ta ruɓe, kuma mai gida ya ƙi canzawa, ni a ganina gara a cire ta gaba ɗaya, a yi wa ruwan hanyar siminti a ƙasa inda ido ke gani, da a bar ta tana kiwon sauro a sama.

Duron tara ruwa ba abin da za a hana ba ne, kowa ya san halin famfo. Rufe shi ne wajibi. Murfin katako da aka ɗora kawai bai wadatar ba, sauro yana bi ta gefe. A shimfiɗa ragar sauro a baki, a ɗaure ta tam da robar cikin taya, ruwan indararo zai ratsa ta ya shiga. Sau ɗaya a mako a juye ragowar ruwan, a goge bangon ciki da burushi da sabulu, musamman layin da ruwa ke tsayawa. Juyewa ba tare da gogewa ba rabin aiki ne, don ƙwan yana nan manne. Haka za a yi wa randa, da kwanon shan kaji, da farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure, da tiren bayan firji. Butocin alwala a kife su da dare. Wanda ke son tabbatarwa ya haska tocila cikin duro: ƙananan tsutsotsi masu wutsil-wutsil da ke nutsewa idan haske ya taɓa su, su ne 'ya'yan sauro.

Ƙofa da taga

Ƙaramin ɓeran gida yana wucewa ta ramin milimita 6 ko 7, wato kaurin fensir. Babban ɓera kuma ramin da babban yatsa zai shiga ya ishe shi. Da dare mutum ɗaya ya tsaya a waje da tocila yana bin gefen ƙofa, ɗaya yana ciki a duhu. Duk inda haske ya ratso, a gwada da fensir. Idan giɓin ƙasan ƙofa ne, a ɗaga dokin ƙofa da siminti, wanda zai kuma tare ruwan tsakar gida. Ƙofar katako a yi mata ɗamarar kwano daga ƙasa zuwa santimita 30, a naɗe bakin kwanon ta gefe, domin ta kusurwa ɓera ke fara gwaguya.

Wurin da bututun famfo ko wayar lantarki ya ratsa bango shi ma ƙofa ce. Tsumma, leda da kwali ba sa tare ɓera, shimfiɗa ma suke zame masa. A cusa ragar waya a ramin, a liƙe da siminti awo ɗaya, yashi awo uku.

Raga iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su a wurin saye. Ta sauro mai ƙananan ido ce, kada idon ya wuce milimita ɗaya da rabi, ita ce ta taga da bakin duro. Ta ɓera kuwa waya ce mai kauri, mai ido kamar milimita 6, ita ce ta bakin kwata da ramukan iska na ƙasan bango. Ɓera yana yaga ta farko cikin dare ɗaya, sauro kuma yana ratsa ta biyu. Inda ake tsoron duka biyun, a haɗa su, mai kaurin tana waje. Danshin bakin teku yana saurin cinye ragar baƙin ƙarfe, musamman a Treichville da ke bakin ruwa, don haka ta alminiyam ko ta roba ta fi daɗewa a taga.

Kwata da bayan gida

Adjamé da Treichville ba iri ɗaya ba ne a wannan fanni. Adjamé tana da tudu da gangare, ruwa yana gudu da ƙarfi, yana kwasar yashi da shara zuwa kwarin Gourou, ya tara su a mahaɗar Indénié, wadda kowa ya san yadda ta sha cika. Treichville kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ruwa ba ya sauri, yakan kwanta a lambatu har ya dawo da baya. Mazaunin Bracodi ya fi bukatar kula da abin da ke toshe hanya, na Treichville kuma da abin da ke dawowa ta cikin bututu. Ambaliyar daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018, wadda ta ci rayuka kusan ashirin a birnin, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya zai iya yi.

Baƙin ruwan kwata gidan wani sauro ne na uku, mai launin ƙasa-ƙasa, mai kuka a kunne da dare. Shi ruwa mai datti yake so: lambatun da ya toshe, ramin ruwan wanka, da ramin masai mai fasasshen murfi. A kwashe lakar hanyar ruwan tsakar gida har a ga siminti, a zuba bokiti a ga ko zai kai waje. Lakar da aka kwaso kada a jibge ta a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. A zuba a buhu a kai wurin kwasar shara. Al'adar watsa shara cikin lambatu idan hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita, maƙwabcin ƙasa ne ke biyan kuɗinta.

Murfin ramin masai da na ruwan wanka a liƙe gefensa da siminti marar ƙarfi wanda za a iya fasawa ranar kwasa, a ɗaura ragar sauro a kan bututun iskarsa. Ramin da ruwan wanka ke bi a banɗaki yana bukatar murfi mai huji da aka ɗaure, da kuma lanƙwasar bututu a ƙarƙashi wadda ke riƙe ɗan ruwa. Wannan ɗan ruwa shi ke tare wari da kyankyaso. Banɗakin da ke wari duk da ana wanke shi, galibi ba shi da lanƙwasar, ko kuwa ruwanta ya ƙafe. In ba a amfani da shi kullum, a riƙa zuba masa ruwa kowane mako. Idan manyan magudanai suka cika, ɓeraye sama suke gudowa, kuma ta irin waɗannan ramuka suke faɗowa cikin gida.

Abu biyu kada a yi. Kada a zuba baƙin man mota a kwata don kashe tsutsa, domin ƙarshensa ruwan Ébrié ne da ake kamun kifi a ciki. Kada kuma kowa ya shiga rufaffen rami ko babban bututun titi don gyara, iskar ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara. Toshewar babban magudanin titi a kai ƙorafinta ma'aikatar magajin gari ko hukumar ONAD mai kula da magudanan ruwa, kuma ƙorafin unguwa ta bakin shugabanninta ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Ɗakin ajiya da rumfar kasuwa

Mai ajiye buhunan shinkafa, wake, busasshen kifi ko albasa, a gida ko a kusa da kasuwar Forum, ya ɗora su kan katako mai tsayin santimita 30 daga ƙasa, ya bar tazarar da mutum zai ratsa tsakaninsu da bango. Ta haka za a iya shara, a kuma ga kashi da sawu. Don gane ko akwai ɓera, a barbaɗa garin alli ko na rogo a gindin bango da yamma, a duba da safe. Tamfol ɗin rumfa a ja shi ya miƙe, don aljihun ruwan da ke taruwa a kansa bai da bambanci da duro marar murfi. Masu sayar da tsofaffin tayoyi su jera su ƙarƙashin rufi.

Tsarin yaƙi da ɓera shi ne a fara ɗauke abinci da shara, a ɗana tarko a jikin bango na mako guda, sannan a toshe ramuka. Wanda ya fara da guba, ɓera zai mutu masa a cikin silin, wani kuma ya maye gurbinsa ta ramin da ba a toshe ba. Kashin ɓera kada a share shi a bushe. A jiƙa shi da ruwan jabel awo ɗaya cikin ruwa awo tara, a jira minti biyar, a kwashe da safar hannu. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi tana fitar da iska mai guba, ta sha kashe iyalai a cikin barci, don haka ba a amfani da ita a ɗakin kwana ko ɗakin da ya haɗa silin da shi. Idan yaro ya haɗiyi maganin ɓera, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin maganin, ko da bai nuna alamar komai ba, domin wani irin sai bayan kwanaki yake sa zubar jini. Kada a ba shi manja ko madara ana jira.

Gidan haya

Duk abin da aka faɗa a sama, ɗaki ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. A gida mai iyali takwas, in bakwai sun rufe duronsu ɗaya bai rufe ba, sauron na kowa ne. Gyaran kwano, indararo da murfin masai nauyin mai gida ne, a sanar da shi tun Fabrairu, kafin kafintoci su yi tsada. Duro, shara da hanyar ruwan tsakar gida kuwa na 'yan haya ne. A tsayar da rana ɗaya a mako wadda ba ta canzawa, a kuma wakilta mutum ɗaya mai zagayawa da tocila. Dalilin mako shi ne kwana bakwai ɗin nan da tsutsa ke bukata. Mai tafiya Kano ko Yamai saro kaya ya kife mazubansa kafin ya kulle ɗaki, ya kuma tafi da katin rigakafin shawara, wadda allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ana yin ta a cibiyar INHP da ke Treichville.

Idan duk da haka zazzaɓi ya shigo gida, a je a yi gwajin jini cikin sa'o'i 24, kada a ɗauka kowane zazzaɓi na cizon sauro ne. Kafin a san ko denge ne, farasitamol kaɗai za a sha, ban da asfirin da ibufurofen, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini. Haɗarin denge yakan zo ne daidai lokacin da zafin jiki ya sauka: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, ko yaro ya yi laushi. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda kuma ya ratsa ruwan ambaliya ko ya yashe kwata, bayan mako ɗaya ko biyu ya sami zazzaɓi da ciwon sha-raɓa da jan ido, ya gaya wa ma'aikacin lafiya cewa ya shiga ruwa. Akwai cutar da fitsarin ɓera ke sakawa a ruwa, tana shiga ta rauni ko kaushin ƙafa, kuma maganinta daban ne da na zazzaɓin cizon sauro. Masu yasar kwata su sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu, su wanke da sabulu da zarar sun gama.